Tsarin Jana'izar Gwaggo

Gwaggo ta rasu cikin watan Agusta a wani asibiti a Zariya, kuma tun kafin a kai ta ɗakin ajiye gawa aka yanke cewa ni zan rubuta tsarin jana'izarta. Ba wanda ya tambaye ni. A danginmu duk abin da ya shafi takarda ko makirufo nawa ne, saboda na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma mutanen ƙauyenmu sun ɗauka wanda ya iya rufe labaran duniya daidai kan lokaci zai iya rufe komai.

Ƙauyen namu yana can bayan Gazara, inda rake ke rufe hanya da damina har mai babur ba ya ganin wanda ke tafe. Kakanninmu Maguzawa ne. 'Ya'yan kakana uku ne suka rayu: mahaifina, Gwaggo, da autansu wanda muke kira Baffa. Mahaifina da Gwaggo sun zama Kirista tun suna matasa. Baffa ya je cin rani Kano ya dawo Musulmi. Ba a yi rigima a kai ba, ko kuwa an yi ta an gama kafin a haife ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Gwaggo da nasa, da wata ƙofar kara da aka buɗe a tsakiya don kwanon tuwo ya riƙa wucewa. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Da tafiyar Gwaggo, Baffa ne kaɗai ya rage.

Washegarin da na isa gida na same shi a zaurensa, yana karɓar gaisuwa a kan buzu. Na durƙusa, muka gaisa, na yi masa ta'aziyya ya yi mini. Da mutane suka ragu ya ce in matso.

"An ce kai ne mai rubuta yadda za a yi."

"Ni ne, Baffa."

"To ka ji. Cocinku ba zan shiga ba, ka sani. Addu'arku ma taku ce. Amma lokacin da za a sa Yaya a rami ina so in kasance a tsaye a wurin, in zuba mata ƙasa da hannuna. Uwarmu ta rasu ina jariri. Bayan Yaya ne na sani. Shi ke nan abin da nake nema."

Na ce masa wannan ai ba abin roƙo ba ne, haƙƙinsa ne. Na faɗi haka da sauƙin zuciya, don a lokacin ban san ranar da za a sa ba.

An sa ranar a ofishin Fasto, wani ɗan ɗaki a jikin majami'a mai warin kananzir da tsofaffin littattafai. Akwai Fasto, da magatakardan ikilisiya, da shugabar zumuntar mata wadda kowa ke kira Mama, da babban ɗan Gwaggo da ya zo daga Abuja. Shi taubashina ne, ya girme ni, ina ce masa Yaya, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai ɗan rediyo. Asabar akwai ɗaurin aure a cocin, an riga an yi shela sau uku. Lahadi ba a binnewa. Alhamis ƙannen Yaya ba za su iso ba. Litinin kowa yana so ya kasance ya koma aiki. Sai Juma'a.

Na ce, "Juma'a Baffa zai tafi masallaci Gazara. Da shi da duk maƙwabtan da za su taya mu haƙa kabari."

Yaya ya ce, "To sai mu gama kafin su tafi. Ba kai ne mai agogo ba? Ka yanka mu yadda kake yanka ministoci a rediyo."

Fasto ya ce idan aka fara da ƙarfe tara, ba abin da zai hana a binne kafin rana ta take. Mama ba ta ce komai ba. Daga baya na gane cewa shirunta ba amincewa ba ne, ba ta ga abin da ya shafe ta a maganar ba ne kawai.

Tsarin jana'iza a ikilisiyarmu ba sabon abu ba ne da mutum zai ƙirƙira. Da yammacin jajibiri a yi sujadar waƙoƙi, wato taron ibada, a gidan mamaci. Da safe a ɗauko gawa, a tsaya da ita a gida kaɗan, Fasto ya tarbe ta a ƙofar majami'a ya shige gaba. Sai addu'ar buɗewa, waƙa, karatun nassi, gaisuwa ga baƙi, tarihin marigayi, shaidu daga iyali da ƙungiyoyi, waƙar mawaƙa, wa'azi, baiko wato tara sadakar coci, addu'a domin iyali, ganin gawa na ƙarshe, a fita. A bakin kabari a yi waƙa, a saukar da akwati, Fasto ya miƙa jiki ga ƙasa, iyali su zuba ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a rufe, a sa albarka. Daga nan a koma rumfa a ci abinci. Aikin mai rubutawa shi ne ya sa suna a gaban kowane layi, ya zaɓi lambobin waƙa tare da shugaban mawaƙa, ya tattara hotuna da shaidu, ya kai wa mai buga takardu.

Shaidun ne suka cinye mini mako. Gwaggo ta shugabanci zumuntar mata shekaru masu yawa, ta yi ungozoma, ta yi sulhun aure fiye da kotu. Kowa yana da abin faɗa, kuma kowa yana so ya faɗe shi sau biyu: a buga a littafin, sannan ya tashi ya karanta da bakinsa. 'Ya'ya, jikoki, surukai maza daban, surukai mata daban, mawaƙa, matasa, ajin masu shirin baftisma, dattawa, 'yan adashinta, wata mata daga Dandamisa da ta ce Gwaggo ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta duka. Wasu suka turo ta waya da Turanci, wasu da muryarsu, wasu a bayan takardar magani. Wani jikanta ya kwafo nasa daga intanet, har da wurin da aka ce marigayiyar tana son furanni da tafiya bakin teku. Gwaggo ko Kaduna ba ta son zuwa.

Na karanta su duka da ƙarfi, yadda muke gwada rubutu kafin shiga ɗakin watsa shiri, don ido yana ƙarya game da tsawon magana amma baki ba ya yi. Ko ba wanda ya yi kuka a tsakiya, ko ba wanda ya fara da gaishe da shugabanni, shaidun kaɗai za su kai mu azahar.

Sai na kawo shawara: a buga duk shaidun a littafin, kar a bar ta kowa, amma a cire karanta su daga cikin sujada a mayar da shi wurin cin abinci, bayan an binne. A coci a karanta tarihi kawai.

Mama ta zo ta same ni a tsakar gidan Gwaggo, inda mata ke tsince shinkafa. Ba ta zauna ba.

"Ɗana, an ce ka kore mu daga coci."

"Mama, ban kore ku ba. Na matsar da ku ne."

"Zuwa wajen shinkafa. In tsaya ina faɗin halin Uwarmu mutane suna neman cokali."

"Za a yi shiru. Ni zan riƙe makirufo."

"Shaida a gaban gawa ake yin ta. Tana kwance, a gaya mata abin da ta yi. In an rufe ta wa za mu gaya wa? Kai a rediyonku kun saba magana ba ku ga mai sauraro ba, mu ba mu saba ba."

Matan da ke tsintar shinkafa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na bari ta lafa, sannan na gaya mata maganar Baffa kamar yadda ya faɗe ta, ban ƙara ba ban rage ba. Ta kalli ƙofar karan nan. Ta san shi tun tana amarya a garin.

"Don shi," ta ce. "Ba don agogonka ba."

Fasto ya yarda da sharaɗin ba za a taɓa wa'azi ba. Ya ce jana'iza ita ce ranar da mutanen da ba sa zuwa coci ke zaune dole, ba zai sallame su hannu wofi ba. Na roƙe shi ya taƙaita. Na sake roƙonsa ranar Laraba, na kuma tuna masa ranar Alhamis, har ya ce, "Malam, na ji. Ko Shaiɗan ba ya bibiyata haka."

Yaya damuwarsa daban ce. Yana son takarda mai sheƙi, hoton Gwaggo a bango cikin kayan zumunta, da shafin godiya mai sunayen abokan aikinsa da muƙamansu. Na kwana biyu ina kai da komo tsakanin ƙauye da shagon mai buga takardu a Zariya, wani yaro mai saurin hannu wanda injinsa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Duk inda na sa su sai su fito akwati-akwati. Muka nemo wani rubutun da ke da su, sai wuta ta ɗauke. Da ta dawo Yaya ya kira ya ce a ƙara sunan wani darakta. A shafin bakin kabari na jera masu zuba ƙasa da kaina, na sa “ƙanin marigayiya” a layin farko, kafin 'ya'yanta. Yaya ya gani ya ce daidai ne.

Sauran abubuwa suka tafi yadda suka saba. Samarin coci da na unguwar Baffa suka haƙa kabarin tare a makabartar da ke bayan majami'a, magini ya jera bulo a ciki, aka zuba fale-falen siminti da za a rufe akwatin da su, aka kifa kwanon rufi a bakin ramin saboda ruwa. Bijimin da Yaya ya saya, Baffa ne ya kira mahaucin unguwarsu ya yanka, kamar yadda ake yi a duk wani taronmu, don kowa ya ci ba tare da tambaya ba.

Ranar Juma'a komai ya fara kyau har na ji tsoro. Motar gawa ta baro Zariya da sassafe, ba ta maƙale a taɓo ba. An tsaya a gida, an yi kuka, an wuce. Fasto ya tarbi akwatin a ƙofa kusan kan lokaci. Baffa ya sa farar riga da hula, aka ajiye masa benci a ƙarƙashin mangwaron da ke gefen majami'a, shi da dattawan unguwarsu. Daga inda na zauna kusa da taga ina ganinsa. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, jikar Gwaggo ta yi karatu ba ta yi tuntuɓe ba. Magatakarda, wanda ke jan ragamar sujadar, ya ɗaga littafin ya ce, "Abu na gaba, gaisuwa ga baƙi."

Layi ɗaya ne a takarda. Na ba shi minti biyar a lissafina.

Ya gaishe da fastocin da suka zo, suka ɗaga hannu. Ya gaishe da wakilin mai unguwa. Sannan ya ce, "Zumuntar mata daga Kurmin Kogi, kuna ina?"

Ba su ɗaga hannu ba. Suka miƙe gaba ɗaya cikin zane iri ɗaya, mai tulu ta buga, mai kacau-kacau ta amsa, suka fito daga layinsu suna waƙa, suka taka a hankali har gaban akwatin, suka zagaye shi. Waƙar tana da baiti da yawa, kuma jagorarsu tana sa sunan Gwaggo a kowanne. Da suka gama, shugabarsu ta ajiye gudummawarsu, ta ce ba za ta yi dogon bayani ba tunda an ce an hana shaida, sannan ta ba da labarin yadda Gwaggo ta taka da ƙafa zuwa garinsu lokacin da mijinta ya rasu.

Na san wannan al'ada. Na gan ta tun ina yaro. Amma na bar gida da daɗewa, kuma jana'izun da na saba zuwa a birni ana ce wa baƙi su tashi a tafa musu ne su zauna. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, babu wata jana'iza a majami'un Makarfi da Ikara da Kudan da Gwaggo ba ta kai matanta sun yi wannan zagayen ba. Yau ranar ramawa ce, kuma ba reshen da zai koma gida a ce shi kaɗai bai yi ba.

Na lallaɓa na je wurin magatakarda na raɗa masa ya haɗa sauran rassan su yi waƙa ɗaya tare.

"Wa zai ja waƙar?" ya tambaye ni. "In na ba Ikara, Kudan za su ce an raina su. Ka bari, saura kaɗan."

"Saura nawa?"

Ya nuna mini bayan littafinsa, inda ya rubuta sunayen garuruwan da biro. Sun cika shafin, sun gangara gefe.

Na je wurin Mama. Tana tafi, hawaye na zuba. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Mama, mun yi magana."

"Mun yi maganar shaida, na kuwa cika. Ka ga ɗaya daga cikin matana ta tashi? Waɗannan baƙi ne. Mata sun biya mota tun asuba, in ce musu su zauna?"

Ba ta yi ƙarya ba. Na koma kujerata. Reshe ya tashi, reshe ya zauna. Waƙoƙin suna da daɗi, wannan ma ya ƙara mini haushi, don ba wanda zan iya cewa ya yi laifi. Inuwar mangwaron ta janye ta bar bencin, dattawan suka ja shi suka bi ta. Ɗaya bayan ɗaya suka fara duban rana, suka fara tashi. Da aka zo tarihin marigayiya, wanda ni ne mai karantawa, na tsallake rabinsa, na karanta sauran da saurin da ban taɓa yi a gaban makirufo ba. Mawaƙa suka yi tasu. Lokacin da Fasto ya hau bagade, mumbarin cocinmu, ƙarfe ɗaya ta wuce.

Na fita. Baffa kaɗai ya rage a bencin, sai jikansa da ke zaune kan babur a bakin hanya.

"Da saura?" ya ce.

"Wa'azi, da baiko, da ganin gawa. Baffa, ko za ka ƙara ɗan jira?"

"In na ƙara, liman ba zai ƙara ba." Ya miƙe da sandarsa. "Ban taɓa barin Juma'a da ƙafafuna lafiya ba. Yaya ma ta sani, ita ke tashina in na yi barci. Zan je in dawo. Ana sallamewa zan taho, ba zan tsaya gaisawa ba. In da hali ku jira ni."

Na ce za mu jira. Na tsaya har babur ɗin ya shige cikin rake.

A nan lissafina ya juye. Tun safe ina neman abin da zan yanke. Yanzu ina bukatar sujadar ta ƙara kamar awa ɗaya da rabi. Na shiga da ɗan kwanciyar hankali, don na san Fastonmu: in ya kama wa'azi, awa guda ba komai ba ce a wurinsa.

Ya yi minti goma sha biyar. Ya kalle ni daga kan bagade lokacin da yake rufe littafinsa, ya ɗan gyaɗa kai, irin na wanda ya cika alkawari da wahala.

Ana baiko na je na tsuguna bayan kujerarsa na gaya masa Baffa ya tafi masallaci, ina roƙon a dawo da shaidun cikin sujada, yanzu, kafin a fita.

"Malam, kai ka ce in gajarta. Na zubar da batu biyu cikin uku saboda kai."

"Na sani, Fasto. Abin ya canza."

"Ka tambayi Mama. In masu shaidar suna nan, ban hana ba."

Mama ta dube ni kamar na yi mata magana da wani yare. Ta ce mai karanta shaidar zumunta da rabin matanta sun fita tun ana waƙar mawaƙa, suna can gida wajen tukwane, tunda an ce musu sai bayan binnewa za a neme su. Surukai mata ma suna can. Magatakarda ya buɗe littafin ya nuna mini shafin da yatsa, ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, abin da ka rubuta muke bi."

Yaya ne na ƙarshe. Na ja shi waje ta ƙofar gefe. Bai bari na gama ba, ya nuna mini gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan Gazara, iska ta fara kaɗa ganyen rake.

"Ɗan rediyo, dubi can. In ruwan nan ya sauko kafin mu sa ta, ramin zai zama rijiya. Kana so in sa uwata cikin ruwa? Ga mutanena za su koma Abuja, ba wanda zai bi hanyar nan da duhu. Kawu zai gane."

"Zai gane. Shi ya sa bai kamata a yi masa ba."

"To riƙe hadarin, ni in riƙe Fasto."

Ba wasa a muryarsa, ko da yake kalmomin na wasa ne. Idanunsa sun yi ja. Uwarsa ce a akwatin.

Ganin gawa ya ɗan ja, don mutane suna da yawa, na kuwa tsaya a bakin layin ina ce wa kowa ya bi a hankali, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya. Aka rufe akwatin. Samari suka ɗauka, kuma da suka ji iska sai suka ƙara sauri. Makabartar ba ta da nisa. A bakin kabari na matsa kusa da shugaban mawaƙa na ce ya yi waƙar duka, kar ya tsallake baiti ko ɗaya, in ya gama ya maimaita amshi. Ya yi. Ina waƙa ina sauraron hanya. Babura biyu suka wuce, ba wanda ya tsaya.

Aka janye kwanon rufin, aka saukar da akwatin da igiya. Ɗigon farko ya faɗo a kan littafin Fasto, ya share da babban yatsa ya ci gaba. Ya yi kalmomin miƙa jiki ga ƙasa. Sannan magatakarda ya ɗaga murya ya karanta layin farko: "Ƙanin marigayiya."

Ba wanda ya motsa. Mai riƙe da shebur ɗin ƙasa ya dube ni. Magatakarda ya sake kira, Fasto ya jira gwargwadon abin da mutum zai iya jira da ruwa na sauka a wuyansa, sannan ya ce, "'Ya'ya." Yaya ya matsa ya ɗiba ya zuba. Ƙannensa suka bi, jikoki suka bi, ni ma na zuba tawa. Magini da yaransa suka jera fale-falen siminti, samari suka kama shebur. Kafin a sa albarka ruwan ya sauko sosai, mutane suka watse da gudu zuwa rumfunan da aka kafa a filin makarantar firamare, kowa da littafin jana'izar a kansa a madadin laima.

Ban bi su ba. Na tsaya a barandar majami'a. Ruwan bai daɗe ba, irin mai zuwa da ƙarfi ne ya wuce. Yana tsagaitawa na ji babur.

Baffa ya sauka a jiƙe, farar rigar ta manne masa, taɓo har gwiwa. Jikan ya ce hanya ta yanke a wajen kwalbati, sai da suka tura. Baffa bai tambaye ni komai ba. Ya ga baranda ba kowa sai ni, ya ji lasifika daga filin makaranta, ya nufi bayan majami'a da sandarsa, na bi shi.

Ƙasar ta yi tudu, ruwa ya lallaɓe ta, an dasa gicciyen katako, an jingina furannin roba. Ya tsaya ya daɗe.

"Ina kanta yake?"

Na nuna masa. Ya zagaya can ya tsuguna da ƙyar, ya ɗora tafin hannunsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, bai ɗiba ba.

"An kira ka, Baffa," na ce. "Kai aka fara kira. Sau biyu."

"To," ya ce.

Na so in yi masa bayanin rassan zumunta, da wa'azin, da hadarin. Duk gaskiya ne, kuma na iya jera magana. Amma ba abin da ya tambaya ke nan ba, bai ma tambayi dalili ba. Daga filin makaranta magatakarda yana ta kiran sunana a lasifika, yana cewa masu shaida sun shirya, ana jiran mai gabatarwa.

"Je ka, ana nemanka," Baffa ya ce, bai ɗago ba.

Na ce zan tsaya tare da shi.

"A'a. Je ka. Ina so in zauna da ita kaɗan."

Na tafi. Na karɓi makirufo na kira masu shaida ɗaya bayan ɗaya, ban yanke kowa ba. Aka yi ta yi har la'asar ta wuce, mutane suna ci suna saurare, wasu suna kuka da cokali a hannu. Daga inda nake tsaye ana hango makabartar ta tsakanin ajujuwa biyu, kuma duk lokacin da na waiga farar rigar tana nan. Da na waiga bayan shaidar surukai, ba ta nan. Na aika a kai masa abinci gida. Aka dawo aka ce ya karɓa, ya ce a gode wa masu girki, ya shiga ɗaki.